Daga Kemis Zuwa Kwalbar Gwaji: Dokar Ƙwayoyi Ga Matasan 'Yan Wasa

Ko a filin jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru kake atisaye, ko a filin unguwa a Tudun Wada, ranar da ka shiga gasar da hukuma ta shirya, doka ɗaya ce ta hau kanka da zakaran duniya. WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, wadda aka kafa a 1999, ita ke fitar da jerin haramtattun abubuwa, kuma sabon jeri yana fara aiki kowace 1 ga Janairu.

Tushen dokar shi ne duk abin da aka samu a fitsarinka ko jininka, kai ke da alhakinsa. "Koci ne ya ba ni" ko "mai kemis ya ce ba komai" ba su wanke mutum. A 2014 'yar Najeriya Chika Amalaha, tana da shekara 16, ta ci zinare a ɗaga nauyi a gasar ƙasashe rainon Ingila a Gilasgo, aka karɓe lambar saboda an sami magungunan sa fitsari a jikinta.

Waɗannan magunguna, irin su furosemayid, suna rage nauyi cikin gaggawa, suna kuma tsinka fitsari har wata ƙwayar ta ɓuya. An hana su a kowane lokaci. Haka sitiroyid masu gina tsoka: testosteron, nandorolon, da istanozolol da ya raba ɗan tseren Kanada Ben Johnson da zinarensa a 1988. Suna lalata hanta da zuciya, su kashe wa namiji ƙwayar haihuwa, mace kuma su buɗe mata murya har gashi ya fito mata a haɓa. EPO yana ƙara jajayen ƙwayoyin jini, amma jinin kan yi kauri har ya daskare a jijiya. Shi da sinadarin girma aka samu a jikin 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare a 2021, dakatarwarta ta kai shekara 11.

A ganina, abin da ya fi kusa da ɗan wasan Zariya yana cikin kemis ɗin bakin layi. Taramol ya shiga jerin abubuwan da aka hana lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Wiwi ma an hana shi lokacin gasa. Hunturu ya kama, hanci ya toshe, ka ce a haɗa maka na mura, a zuba ƙwayoyi kala uku a farar leda babu kwali babu suna. Wasu magungunan mura na ɗauke da sudo'efedirin, wanda in ya wuce ma'auni a fitsari laifi ne. Desametason da firedinisolon, na sha ko na allura, su ma an hana su lokacin gasa. Kuma lokacin gasa yana farawa ne daga ƙarfe 11:59 na daren jajibiri, alhali ƙwayar da ka sha kwanaki kafin nan tana iya nan a jiki. Ƙarin ruwa da wasu ke yi a ɗaki don wartsake gajiya, in ya wuce mililita 100 cikin awa 12, haramun ne sai dai a jinyar asibiti. Goro da shayi da kofi dai ba a hana ba, masu tauna su kwantar da hankali.

Garin gina jiki da haɗin "ƙarin ƙarfi" na cikin gora sun fi ban tsoro, don abin da ke ciki ba lallai ya zama shi aka rubuta ba, in ma an rubuta.

Mara lafiya ba a hana shi magani. Mai asma na iya shaƙar salbutamol muddin bai wuce maikurogiram 1600 cikin awa 24 ba, ko 600 cikin awa 8. In ciwonka na buƙatar abin da aka hana, akwai izinin da ake kira TUE. Likita ne zai cike takardun, kuma a ƙa'ida ana nema kafin a fara shan maganin. Ko asibitin koyarwa na Shika ka je, fara da gaya wa likita cewa kai ɗan wasa ne da ake gwadawa.

Ranar gwaji, jami'i zai nuna maka katinsa, ba zai rabu da kai ba har ka ba da fitsari aƙalla mililita 90 a gaban mai jinsi irin naka. Kai za ka zaɓi kwalabe, ka zuba a A da B, ka rufe da hannunka, ka duba lambobin. Kana da damar zuwa da wakili. Gujewa gwaji ko ƙin bayarwa na iya jawo dakatarwar shekara 4, daidai da wanda aka kama da sitiroyid. A kan takardar akwai wurin rubuta duk abin da ka sha cikin kwana 7 da suka wuce. Rubuta komai, har farasitamol da jiƙon da Inna ta ba ka.