Tallan Inuwa Sola da aka gyara, sakan 30 cif

Salamu alaikum Alhaji, barka da yamma, ya kasuwa ya zafi. Ga tallan nan na gyara kamar yadda muka yi magana, don Allah ka daure ka karanta har ƙasa kafin ka ce na yanke maka kaya, don na san abin da za ka fara gani ke nan.

Wanda yaron shago ya turo min na karanta shi da agogo a hannu ya kai minti ɗaya da sakan goma, kuma mu gurbin sakan 30 muka biya, gidan rediyo ba za su bar mana ko sakan biyu a kai ba saboda akwai tallan wani a bayanmu yana jira, in ya wuce ko dai su dawo mana da shi ko a datse ƙarshen, kuma ƙarshen nan shi ne inda ake gaya wa mutane inda za su zo. Ga yadda tsohon ya fara don ka tuna:

"Albishirinku jama'ar Kano da kewaye, kamfanin nan naku mai farin jini wanda ya daɗe yana share muku hawaye, wato Inuwa Sola, ƙarƙashin jagorancin Alhaji Inuwa, yana farin cikin sanar da ɗimbin abokan hulɗarsa cewa ya sake shigo da sababbin kaya masu inganci da rahusa..."

Ranka ya daɗe wannan gaisuwar kaɗai ta cinye kusan rabin lokacinmu kuma har yanzu mai sauraro bai san me muke sayarwa ba, daga nan aka jero fanka, firiza, inbata, batir, injin ban ruwa, kwan fitila, sannan lambar waya har uku. Ga sabon:

SAKAN 0 ZUWA 2
Ƙarar fanka tana juyawa sai ta mutu, jaririya ta fara kuka.

SAKAN 2 ZUWA 7
Mace: Wayyo, sun sake ɗauke wuta! Maigida, yarinyar nan ba za ta yi barci ba.

SAKAN 7 ZUWA 10
Namiji: Kwantar da hankalinki, kunna ta Inuwa Sola.
Ƙarar maɓalli, iska ta taso, kukan ya lafa.

SAKAN 10 ZUWA 19
Mai shela: Fanka mai caji da hasken rana. Awa takwas tana juyawa, ga fitila, ga cajin waya. Naira dubu saba'in da biyar, har da farantin sola.

SAKAN 19 ZUWA 28
Mai shela: Ku zo Inuwa Sola, daura da ƙofar Gidan Zu, daga yau zuwa Asabar. Ku ce "a rediyo na ji", a kai muku gida kyauta a cikin Kano.

SAKAN 28 ZUWA 30
Mace da namiji tare: Inuwa Sola, titin Gidan Zu!

Kalma 77 ke nan, kuma a haka ya zauna daidai ba tare da mai shela ya riƙa tsere da numfashinsa ba. Ana iya cusa kalma casa'in a matse sautin a kwamfuta amma wallahi ba na so, wanda ke tuƙa adaidaita a cunkoson Ƙofar Nasarawa ko matar da ke tsaye kan tukunya rediyo na gefe ba za su kama komai ba, kuɗinka ne zai tafi a iska.

Fanka kaɗai na bari saboda bazara muke ciki, abin da ke damun kowa da daddare ke nan, wanda ya shigo shago don fanka da idonsa zai ga firiza da inbata, yaranka su yi masa bayani a tsanake. Injin ban ruwa kuwa tallansa daban ne, manoman rani na Kadawa da Kura za mu yi wa shi in lokacinsa ya zo, ba yanzu ba.

Maganar lambar waya ita ce na san za mu ɗan ja. Lamba ɗaya alƙaluma 11 ce, karanta ta yadda mutum zai iya riƙewa yana cin sakan biyar ko shida, kuma sau ɗaya ba ya isa sai an maimaita, to ka ga kashi ɗaya cikin uku na tallan ya tafi a lamba, balle guda uku. Kuma tsohon rubutun ya ce a kira, ya ce a zo, ya ce a duba mu a Fesbuk, ya ce a tura saƙo, mutum in ka ba shi aiki huɗu a lokaci guda babu wanda zai yi. Shi ya sa na bar umarni ɗaya tak, ku zo, na faɗi wurin sau biyu, kuma Allah ya taimake mu da wuri, babu ɗan Kano da za a ce wa ƙofar Gidan Zu ya tsaya tambaya. Lambar sai mu sa ta a hoton da za a ɗora a sitatus, can ido ne ke gani, mutum zai danna kawai.

Wannan "a rediyo na ji" ɗin kuma amfaninta biyu, tana ba mutum dalilin tasowa a satin nan maimakon ya ce sai wani jiƙon, sannan kai ma za ka san ko tallan yana aiki. Don Allah a ajiye littafi a kan kanta, duk wanda ya faɗi kalmar a rubuta ranar da unguwarsu, in Asabar ta yi mu zauna mu ƙirga kafin ka sake biyan wani satin.

Na cire "mafi arha a duk Najeriya" da kuma "har gari ya waye". Na farkon ba mu da hujjar da za mu kare shi, kuma hukumar ARCON da ke tantance tallace-tallace tun 2022 tana neman hujja kan irin wannan iƙirarin. Na biyun kuwa kwalin fankar awa takwas ya ce, shi ma a ƙaramin gudu, in mutum ya saya ta mutu masa ƙarfe uku na dare gobe da safe a bakin shagonka zai tsaya, kuma sai ya gaya wa duk ƴan majalisarsu. Ina roƙon a sa ɗaya a caji ta cika a kunna ta daren yau a gani da ido, in ba ta kai takwas ba mu mayar da shi awa shida ko bakwai, ba zai taɓa lokacin tallan ba.

Sunanka da na cire daga ciki kar ka ji wani iri Alhaji, sunan shago ya fito sau uku kuma ai sunanka ne.

Ga masu ɗaukar murya, Malama Hauwa ce za ta yi macen, a ji gajiya da tausayin ƴa a muryarta ba faɗa ba, Sani ya yi maigidan a natse. Mai shela ya ɗan ja numfashi kafin "Ku zo", kuma a sauke kiɗan ƙasa sosai daga sakan 19 don kar ya danne adireshin. In an haɗa aka ga ya haura da sakan ɗaya a rage kukan jaririyar na farko, in bai isa ba a cire "Wayyo", amma daga "Ku zo" zuwa ƙarshe kar a taɓa ko harafi.

Abin da nake jira daga gare ka kafin isha'i, ka tabbatar min farashin dubu saba'in da biyar zai tsaya har Asabar, kuma mai adaidaitan da zai riƙa kai kaya ya san da maganar, don in mun faɗa a rediyo dole a cika. Da ka amsa zan kama mana situdiyo gobe ƙarfe goma, mu miƙa wa gidan rediyo da wuri su yi nasu tantancewar, tallan ya fara fita Litinin in sha Allahu. Na gode, a gaida mutanen shago.