Jadawalin bita na mako huɗu kafin jarrabawar ajin ƙarshe a fannin shari'a

An tsara wannan jadawali ne don Hauwa, ɗalibar aji biyar, mai darussa huɗu: falsafar shari'a, dokar kamfanoni, dokar ƙasa da ƙasa, da rabon gado. Tana aiki a kantin magani ranakun Litinin, Laraba da Alhamis daga 4:00 zuwa 9:00 na dare, Asabar kuma daga 9:00 zuwa 3:00. An riga an kammala lacca.

Lokutan karatu

Ranakun aiki na tsakiyar mako: 6:00 zuwa 8:00 bayan asuba, sai 10:00 zuwa 1:00. In kin taso daga kanti kada ki buɗe littafi, karatun gajiya ba ya zama a kai, kuma shi ke cinye na asuba. Talata da Lahadi awa bakwai-bakwai. Juma'a awa huɗu da safe, yamma hutu. Asabar awa biyu bayan la'asar. Jimilla awa 35 a mako.

Minti 30 na farko na kowace safiya na gado ne, mas'ala biyu da biro da takarda. Gado lissafi ne, in aka bar shi kwana uku hannu ya yi sanyi.

Mako na 1: kamfanoni da gado

Kamfanoni ya fi kowane yawa, shi ya sa ya zo farko. Litinin da Talata: rajista da matsayin kamfani a matsayin mutum mai zaman kansa, sashe na 42 na dokar kamfanoni ta 2020, da shari'ar Salomon ta 1897, sai yanayin da kotu ke yaye labule ta kama masu kamfanin. Laraba: sashe na 18(2), wanda ya ba mutum ɗaya damar kafa kamfani mai zaman kansa. Alhamis: nauyin daraktoci, sashe na 305. Lahadi: ƙa'idar Foss da Harbottle ta 1843 a sashe na 341, da kariyar masu ƙaramin hannun jari daga 343, har ƙarar da ake shigarwa a madadin kamfani a 346.

A kula sosai a nan. Tsofaffin takardun da ake gada wajen manyan ɗalibai da yawa suna ɗauke da lambobin dokar 1990. Dokar 2020 ta sauya su, kuma malami na rage maki a kan lambar da ta tsufa ko da bayanin daidai ne. Dokar kanta ta kasance buɗe a gabanki.

Juma'a da Asabar: masu rabo ƙayyadadde a Suratun Nisa'i, aya ta 11, 12 da 176, sannan asaba da hajabu.

Mako na 2: falsafa da ƙasa da ƙasa

Safiya falsafa, hantsi ƙasa da ƙasa. Kowace mazhaba shafi ɗaya kacal: me ta ce, wa ya soke ta, wane misali ne daga Nijeriya. Austin, Kelsen, Hart, muhawarar Hart da Fuller ta 1958. Ki gwada ra'ayin Kelsen kan juyin mulki da shari'ar Lakanmi ta 1970, domin haddar sunaye ba tare da hujja ba ita ke tsayar da ɗalibi a matsakaicin maki.

A ɗaya ɓangaren: tushen doka a sashe na 38 na dokar Kotun Duniya, yarjejeniyar Biyena ta 1969, sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 tare da shari'ar Abacha da Fawehinmi, da hukuncin Bakassi na 2002. Lahadi a ware ta ga auli da raddi. Fara da mai sauƙi: miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu, asali 6, ya hau zuwa 7.

Cikin wannan mako za ki nemi musayar ranakun aiki na makon jarrabawa. Wanda ya bari sai ana jibi ba ya samun mai riƙe masa.

Mako na 3: tsofaffin tambayoyi

Ba sabon karatu. Kowace rana tambaya biyu da agogo, minti 40 kowace, littafi a rufe. Tsarin amsa: batun da ake taƙaddama a kai, ƙa'idar doka da hujjarta, ɗora ta a kan labarin, hukunci. Wurin ɗorawar ne yawanci ake zubar da maki, a zuba shari'o'i biyar a manta da mutanen da ke cikin tambayar. Talata da Lahadi cikakkiyar takarda ta awa uku, a yi musayar dubawa da abokiyar karatu guda. Taron mutum shida hira ce.

Mako na 4: toshe ɓaraka

Litinin zuwa Laraba, batutuwan da suka ba ki wuya a mako na 3 kawai. Alhamis da Juma'a, taƙaita kowane darasi a shafi biyu. Asabar, darasin da za a fara da shi. Lahadi a rufe littafi da magariba.

In rana ta kuɓuce saboda rashin lafiya ko biki, kada ki tura jadawalin gaba ɗaya. Ki rama ta da yammacin Juma'a, ki ci gaba daga inda jadawalin yake.