Rahoton Nazarin Halayyar Wani Ɗalibi a Aji 4B da Shawarwarin Gyara

Zuwa ga Hedimasta, tare da kwafi ga malamar aji 4B da malaman Turanci da Hausa da Lissafi. Daga malamin jagoranci da ba da shawara.

Ranka ya daɗe, ga abin da na samo game da yaron da aka miƙo mini. A nan zan kira shi Sani, ba sunansa na gaskiya ba ne, domin takarda tana iya faɗawa hannun kowa.

Sani ɗan shekara 11 ne, ya girmi yawancin 'yan ajinsu mai yara 74. Yana zaune wurin kakarsa tun da mahaifiyarsa ta sake aure. Da yamma yana taya kawunsa aiki a wurin facin taya. Ƙorafin da ake yi a kansa shi ne buga benci, da kwaikwayon muryar malami, da jifa da guntun alli, da zungurar na gabansa har faɗa ya kaure. An sa shi kamun kunne, an sa shi tsallen kwaɗo, ya sha bulala, an kira kakarsa ta yi kuka a ofis. Abin sai gaba yake yi.

Na zauna a bayan aji na tsawon mako biyu, ina rubuta abu uku duk lokacin da ya tayar da rigima: me ya faru gabanin rigimar, me ya yi, me ya biyo baya. Na rubuta rigima 17. Daga ciki 13 a darasin Turanci da na Hausa suka faru, kusan dukansu a daidai lokacin da ake karatu a bayyane layi-layi. Uku sun faru dab da tashin tara. A darasin Lissafi ɗaya ce tak.

Ga misalin wata Talata. Malami ya ce a buɗe littafi, kowa ya karanta jimla ɗaya, aka fara daga bencin gaba. Sani yana ƙirga kawuna da ido. Da ya rage mutum uku a zo kansa, sai ya fizge hular na gabansa ya cilla ta taga. Aji ya ɗauki dariya. Malami ya ce, "Fita waje ka durƙusa!" Ya fita ba gardama, har da ɗan murmushi. Layin karatu ya tsallake shi.

Da na keɓe da shi na ba shi littafin Mu Karanta na aji 2. Ya san baƙaƙe, yana haɗa gaɓa biyu da ƙyar, jimla kuwa ta gagare shi. Ga shi a makarantarmu daga aji 4 ake komawa koyarwa da Turanci, wato nauyi ya ninku a kan wanda bai iya karatu da harshensa ba. Amma da na tambaye shi canjin wanda ya ba da naira 1,000 aka yi masa faci biyu a kan 350 kowanne, kafin in rufe baki ya ce 300. Na tambaye shi abin da ya fi ƙi a makaranta, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, in na yi karatu dariya suke yi mini, har ƙanana."

Fahimtata ita ce, Sani ya gwammace a kira shi fitinanne da a kira shi daƙiƙi. Kuma mu ne muke biyansa lada ba mu sani ba. Masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya daɗe da nuna cewa halin da yake kuɓutar da mutum daga abin da yake gudu ƙara ƙarfi yake yi. Korar da muke ɗauka horo ce, ita ce ainihin abin da yake nema, ga dariyar aji a matsayin gyara. Bulala kuwa ya riga ya yi lissafinta, ya ga zafin minti biyu ya fi masa sauƙi a kan kunyar yini guda. Ban faɗi haka don in ɗora wa malamai laifi ba. Mai yara 74 a gabansa da minti 35 a hannunsa ba ya da sukunin ƙirga kawuna kamar yadda Sani yake yi. Rigimar kafin tara kuma ina ganin ta yunwa ce, domin kakarsa ta ce sau da yawa yakan fito bai karya ba.

Shawara ta farko, kuma ita ce babba: a daina tayar da shi karatu ba zato. Malamin Hausa ya ba shi jimla ɗaya gajera tun ana gobe, ya maimaita ta da shi, sannan washegari a kira shi a kan wannan jimlar kaɗai. A sauran lokaci a yi karatun haɗa baki ko na bibbiyu. Zan riƙa zama da shi minti 15 kullum bayan tashi, mu fara daga gaɓoɓi. Akwai wasu yara shida a ajin da suke matakinsa, sai dai su shiru suke yi, shi ya sa ba a kawo ƙararsu ba. A haɗa su rukuni ɗaya, kada ya zama shi kaɗai ake nunawa da yatsa.

Na biyu, a rufe ƙofar kora. In ya tayar da rigima, malami ya matso kusa da shi, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa a taƙaice, ya ci gaba da darasi. Aikin da ya guje wa yana nan yana jiransa a minti biyar na farkon tara. In ya ɓata wani abu ya gyara, in ya ci zarafin wani ya ba shi haƙuri. Duka ko jifa mai haɗari kaɗai za su kawo shi ofis. A madadin rigima za mu koya masa alama: in ya kife littafinsa a kan benci, yana nufin yana neman taimako, malami ya zo ba tare da shela ba.

Yabo ya zama mai suna. "Yaron kirki" ba ya koya masa komai. "Sani, na ga ka zauna har muka gama shafin nan" ya fi. Zan ba shi ɗan kati mai manufa biyu kawai, zama a wurinsa da kame hannunsa, kowane malami ya sa maki 0 ko 1 ko 2 a ƙarshen darasi. Da safe ya karɓa a wurina, da tashi ya dawo da shi mu duba tare. Ladan ba na kuɗi ba ne: kaɗa ƙararrawa, ko riƙe ƙwallo ranar wasanni. A mayar da shi benci na biyu, kuma malamin Lissafi ya ba shi aikin taimaka wa masu rauni a lissafin ka.

Ga aji baki ɗaya, ina ba da shawarar wasan kyawun hali da Barrish da Saunders da Wolf suka fara gwadawa a wani aji 4 a Kansas ta Amurka a 1969. Ana raba aji rukuni-rukuni, a gindaya dokoki kaɗan, rukunin da bai wuce adadin kuskuren da aka yanke ba ya ci. A namu, yi wa mai karatu dariya ya shiga cikin dokokin.

Kakarsa ta amince za ta riƙa tanadar masa ko da koko ne da safe, kuma ta kai shi a duba idonsa da kunnensa a asibitin sha-ka-tafi. Ta roƙi kada ya zama a kan laifi kaɗai ake nemanta, don haka duk Juma'a malamar aji za ta aika mata da labari ɗaya mai daɗi.

A sa rai abin zai ƙara tsanani a makon farko. Yaron da dabararsa ta daina ci yakan ƙara mata ƙarfi kafin ya haƙura, kuma in malami ɗaya ya kore shi a wannan gaɓar, mun koya masa cewa babbar rigima ce take aiki. Zan ci gaba da ƙirgar a darussan Turanci da Hausa. Mu sake zama bayan mako shida, da katunansa da sakamakon gwajin karatu na biyu; in rigimar ba ta ragu da rabi ba, sai mu sake duba dalilin da na kawo.