Shekara Goma Sha Biyu, Ni da Abban Yara

A ƙarƙashin hoton farko, inda muke zaune gefe da gefe:

14 ga Disamba, 2013, zuwa yau. Alhamdu lillahi da Allah ya haɗa ni da kai.

Na biyu, inda yake kallon ƙasa:

Mai ɗaukar hoto yana ta cewa ka ɗago kai ka kalli kyamara, kai kuwa hankalinka na kan bakin mayafina da ya maƙale a ƙafar kujera. Duk cikin hotunan da aka ɗauka wannan ya fi kwanta mini. Haka kake tun farko, Abban yara. Abin da zai dame ni kai kake riga ni gani, ka gyara, ba ka ko faɗa mini ka gyara.

Na uku, hannuwanmu kawai:

Zoben ya ɗan matse, hannun da ya sa mini shi kuwa yana nan yadda na san shi.

Tsohon hoton ranar aure, wanda ya fara koɗewa:

Dubi yaran nan biyu. Ba su san komai ba tukuna. Ba su san za su tashi daga gida zuwa gida da katifa a saman mota ba, ba su san akwai shekarar da aiki zai tsaya su riƙa lissafi da daddare cikin raɗa don kada yara su ji ba. Da zan iya yi wa yarinyar nan magana, da na ce mata ta kwantar da hankalinta, wanda ke tsaye kusa da ita ba mai gudu ba ne.

Inda nake dariya, fuskata ta ɗan yi dishi-dishi:

Abin da ya raɗa mini a nan, tsakanina da shi ne.

Hotonsa shi kaɗai, bai san na ɗauka ba:

Ba ka iya daɗin baki ba, kuma ban taɓa jin na yi rashi ba. Kai ne mai sa mini waya a caji idan barci ya ɗauke ni. Kai ne mai rage sautin rediyo da zarar ka ga na dafe goshi. Daren da ƙaramarmu ta yi zazzaɓi, a kan bencin asibiti ka kwana a zaune, takalmina a hannunka don na manta inda na cire su, da gari ya waye kuma ka wuce aiki ko ƙorafi babu. Mutane kan tambaye ni ko kana ce mini kana sona. Murmushi kawai nake yi, don amsar tana da tsawo, kuma ba kowa ne ya kamata ya ji ta ba.

Mu biyu muna tafiya, an ɗauke mu ta baya:

Ka fi ni sauri nesa ba kusa ba, amma ban taɓa sassarfa don in cim maka ba.

Tare da yara uku, babu wanda ya tsaya cik:

Mu biyu muka fara. Ga abin da Allah ya ƙara mana, da hayaniyarsu da komai. Babbar ta ɗauko idonka, ƙaramin ya ɗauko shirunka, autar kuma har yanzu muna gardamar wanda ta biyo.

Inda muka jingina da bango, babu mai murmushi:

Na sa wannan da gangan. Mun yi saɓani, mun yi kwanakin da gaisuwa kawai ke haɗa mu. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana. Amma ko a ranakun da nake fushi da kai, ban taɓa iya runtsawa ba sai na ji ƙarar makullinka a ƙofa. Kai ma ba ka taɓa kai maganarmu waje ba. Wannan rufin asirin na fi gode maka a kai fiye da duk wata kyauta.

Hoton ƙarshe, inda muka kalli kyamara a tare:

Aya ta 21 a Suratur Rum ta ambaci natsuwa da ƙauna da jin ƙai tsakanin ma'aurata. Da ƙauna na shigo gidanka, sauran biyun a hannunka na koye su. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja da ranka, ya sa mu ga auren yaran nan tare.

Abin da shi kuma ya rubuta a ƙarƙashin wannan hoton, a nasa shafin:

Maman yara, na gode da haƙuri. Da za a sake ba ni zaɓi, gidanku zan sake zuwa.