Tsarin Jinyar Sauƙaƙa Ciwo: Hajiya Hajara

Ranar rubutawa: Litinin, 13 ga Janairu 2025
Marar lafiya: Hajiya Hajara, shekara 54, mazauniyar Ɗorayi, Kano
Waɗanda aka zauna da su: ita da maigidanta da babbar 'yarta Rabi, tare da likita da nas mai ziyarar gida

Halin da take ciki

Sankarar mama ce ta ɓangaren hagu, ta bazu zuwa ƙashin baya da ƙugu da hanta. An dakatar da allurar sankara a watan Disamba saboda wahalarta ta fi amfaninta. Hajiya ta san ciwon ba na warkewa ba ne, domin ita ta yi tambaya kuma an faɗa mata gaskiya. Abu uku ta roƙa: ta samu barci, ta riƙa salla cikin hayyacinta, a bar ta a ɗakinta. Ba ta son a kai ta sashen kulawa ta musamman ko a danna mata ƙirji idan ajali ya zo. Maigidan ya amince.

Ciwo

Ta auna ciwon ƙugu da baya a 8 cikin 10, ya fi tsanani idan za a juya ta. Taramadol miligiram 50 sau uku a rana ya daina riƙe ta, don haka a daina shi yau.

Za ta koma ruwan mofin, wanda kowace mililita 5 ke ɗauke da miligiram 5. A ba ta mililita 5 da ƙarfe 6 na safe, 10 na safe, 2 na rana da 6 na yamma. Da ƙarfe 10 na dare a ba ta mililita 10, don kada a tashe ta tsakar dare. Da sirinji za a auna, ba da cokalin shayi ba. Kada a jira sai ta yi kuka, agogo za a bi. Idan ciwo ya taso kafin lokaci a ƙara mata mililita 5, amma a bar aƙalla awa ɗaya tsakanin ƙari da ƙari, Rabi kuma ta rubuta a littafi. In ƙarin ya kai sau uku a rana ɗaya, a kira nas domin a sake awo.

Maigidan ya ji tsoron kada ta zama 'yar ƙwaya, ko maganin ya gaggauta mata tafiya. An bayyana masa cewa mofin da aka auna daidai da ciwo ba ya rage kwana, kuma gyangyaɗin kwana biyu ko uku na farko yakan wuce. Kwalbar ta zauna a akwati mai kwaɗo, makulli a hannun Rabi, tunda gida ne mai yara da samari.

Farasitamol giram 1 sau biyu a rana, kada a wuce haka saboda hanta. Ban da dikulofenak da ibufurofen, tana da gyambon ciki. Mun rubuta takardar neman gashin sankara da na'ura sau ɗaya a ƙugu, idan ƙarfinta da aljihu sun yarda.

Sauran damuwa

Mofin na ɗaure ciki, saboda haka bisakodil miligiram 10 kowane dare tun daga yau, da gwanda da ruwa gwargwadon iyawa. Idan zuciya na tashi, metokulofuramaid miligiram 10 sau uku a rana na kwana biyar. Gyambon mama a wanke shi kullum da tafasasshen ruwa da ya huce, da ɗan gishiri, a daka ƙwayar filajil a barbaɗa don wari, a rufe da bandeji. Rubutu da tofi da zuma ba mu hana ba. Sakiya da shafa jiƙo a kan gyambon ne ba mu yarda da su ba. A juya ta duk bayan awa biyu da rana. Abinci kaɗan kaɗan, kunu ko fura ko farfesu, kada a tilasta mata.

A kira mu nan take idan ƙafafunta suka yi nauyi ko fitsari ya ƙi fita, idan ta ƙi farkawa ko numfashinta ya sauka ƙasa da 8 a minti, idan gyambon ya ɓalle da jini, ko ta kasa haɗiye magani. Lambar nas na bayan katinta.

Iyali

Rabi ta shafe wata biyu tana kwana da ita, ga goyo, kuma ta gaji ko da ba ta faɗa ba. Daga yau ita ke da rana, abokiyar zaman Hajiya da ƙanwarta su riƙa karɓa-karɓar dare. Nas za ta koya wa su ukun awon magani. Masu dubiya su zo bayan la'asar, biyu biyu.

Autanta mai shekara 12 bai san komai ba tukuna. Hajiya na son ta faɗa masa da bakinta ranar Juma'a, mahaifinsa na zaune. Limamin unguwa zai zo kan taimama da sallar kwance, da ciyarwa maimakon azumin da ke tafe, a kuma rubuta wasiyyarta da bashin adashi a gaban shaidu. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a za ta zauna da 'ya'yanta maza kan kuɗin magani da mota.

Bibiya

Nas za ta kira ranar Laraba 15 ga wata don jin awon ciwo. Burinmu ya sauka zuwa 3 cikin 10, ta samu barcin awa shida. Ziyarar gida ranar Litinin 20 ga Janairu, daga nan kowane mako. Kwafi ɗaya na wannan takarda yana fayil ɗinta, ɗaya yana hannun Rabi.