Hafsat, sake ɗauko min hoton tambaya ta 14

Salamu alaikum Hafsat. Na ga hoton da kika turo bayan sallar Isha'i, amma ba zan ba ki amsa ba tukuna, domin rabin tambayar ne ya iso gare ni.

Ga abin da na iya karantawa. Ana so a nemo x. Na ga x², na ga 5x, na ga 6 = 0. Alamar da ke gaban 5x hasken fitilar wayarki ya sauka a kanta ya cinye ta. Ta gaban 6 kuwa ta faɗa daidai inda takardar ta lanƙwashe. Na yi ta buɗa hoton da yatsu biyu har ya farfashe, na kasa gane ko + ce ko −.

Kada ki ce ai alama biyu ce kacal. Idan x² − 5x + 6 = 0 ce, amsa 2 da 3. Idan x² + 5x + 6 = 0 ce, sai ta koma −2 da −3. Idan x² − 5x − 6 = 0 ce, 6 da −1 za ki samu, in kuma x² + 5x − 6 = 0 ce, −6 da 1. Duka huɗun suna warwaruwa sumul, babu wadda za ta ba ki lamba mai ɓurɓushi balle ki ce ba ita ba ce. Na leƙa zaɓin amsoshin ko za su cece ni, sai na tarar A ita ce 2 da 3, B −2 da −3, C 6 da −1. Mai tsara tambayar da gangan ya jera su haka, don ya kama wanda bai kula da alama ba. Na san idonki ya tsaya kan A saboda ita kuka fi yi a aji. Sabo ne ya ja ki, ba lissafi ba.

Sannan ƙasan hoton a yanke yake. D kanta kawai ya leƙo. Ban ma san ko ita ce ta ƙarshe ba: tambayoyin JAMB da WAEC a D suke tsayawa, na NECO kuwa har E suke kaiwa, kuma saman shafin da zai nuna min ta wacce ce bai fito ba.

Da safe in Allah ya kai mu, ki fita tsakar gida da littafin, ki shimfiɗa shi a kan tabarma, ki danne lanƙwasar da yatsa. Kashe fitilar, goge gilashin kyamarar da bakin mayafinki, ki ɗauki shafin gaba ɗaya tun daga kansa har tambaya ta 15. Ki kuma rubuto min lissafin da hannunki, ki warware shi kafin ki dubi zaɓin, in ga hanyar da kika bi. Ki gaishe min da Umma.

Yayanki, Nura