Takardar Neman Amincewa da Sayen Sabuwar Motar Raba Kaya

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfani, da ƴan kwamitin gudanarwa
Daga mai kula da sashen raba kaya, Zinder

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina roƙon a ware sefa miliyan 24 a sayi sabuwar mota mai ɗaukar tan 5, mai shan gazuwal, kafin damina ta sauka a watan Yuni.

Mota ɗaya ce ke kai wa ƴan kasuwarmu shinkafa, man girki, taliya da sabulu a Mirriya, Matamaye, Magariya, Gure da Tanut. Ta tsufa, kuma ƙarfinta ya ƙare. A wata 12 da suka wuce gyaranta ya ci miliyan 2.3. Ta kwana 70 a gareji, kowace rana kuwa sai mun yi hayar wata a kan sefa 60,000, wato miliyan 4.2. An haɗa miliyan 6.5 ke nan, kuɗin da ya fita bai bar mana ko taya ɗaya da za mu ce tamu ce ba.

Abin da ya fi damuna ba ya cikin littafin akawu. Kasuwar ƙauye rana ɗaya take ci a mako. Idan kaya suka iso bayan ta watse, ɗan kasuwa ya yi asarar makonsa, kuma ba zai jira mu sau biyu ba. Manyan masu sayenmu biyu a Magariya, waɗanda tun farkon kamfani suke tare da mu, sun koma wajen wasu. Kano ma ba ta da nisa daga gare su. Motar haya ba ta magance wannan, don ranar Alhamis, da kasuwar Dole ke ci, samunta wuya ne. Ga direbanmu da yaran mota, waɗanda ke kwana a hanyar Tanut in ta mace musu. Alhakinsu yana wuyanmu.

Ga lissafin. Tsohuwar za ta sayu a kan miliyan 3, saura 21 ke nan daga asusu. Na ƙiyasta juyen mai, tayoyi da ƙananan gyare-gyaren sabuwar a kan miliyan 1.5 a shekara, sai mu rage kashe miliyan 5. Cikin shekara 4 da ƴan watanni za ta mayar da kuɗinta, ban ma lissafa cinikin da zai dawo ba.

Na duba ta hannu. Ta fi araha, amma ba garanti, kuma ba mu san wahalar da ta sha ba. Idan fitar da kuɗin a dunƙule zai taɓa jarin sayen kaya, ɗaya daga cikin dillalan ya yarda a biya rabi yanzu, sauran cikin wata 12.

Takardun farashi daga dillalai 3 da rasidan gareji suna haɗe da wannan. Ina roƙon kwamiti ya yanke shawara a zamansa na ƙarshen wannan wata, don a samu lokacin yin takardun mota da inshora.

Allah ya ƙara girma.
Mai kula da sashen raba kaya